Yadda ake mayar da injin ganewa injin jerawa, a kuma dawo da shi

A darasin injin Turing, wato samfurin kwamfuta na masana lissafi mai karatu da rubutu a kan tef mataki-mataki, akwai wata ƙa'ida da ɗalibai kan haddace a jimla ɗaya: harshe yana da injin da ke gane shi idan, kuma sai idan, yana da injin da ke jero kalmominsa. Haddar ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka miƙa maka ɗayan injinan aka ce ka ƙera ɗayan da hannunka. Rabin aikin layi uku ne. A ɗaya rabin akwai rami, kuma kusan kowa sai ya faɗa cikinsa a karon farko. Ni ma da na fara rubuta nawa, na kunna shi na zauna ina kallon allon kwamfuta babu ko harafi ɗaya, ina zaton injin ne ya yi nauyi. Ashe tsarin nawa ne ya maƙale a kan kalma ta farko.

Mu fara daidaita sunaye. A wannan fanni, harshe ba Hausa ko Larabci ake nufi ba. An ba ka wasu haruffa ƙidayayyu, misali `a` da `b`. Duk jerin haruffan da ke da iyaka kalma ce, kamar `abba` ko `bbb`, har da kalmar da ba ta da harafi ko ɗaya, wadda ake rubutawa `ε`. Harshe kuwa tarin wasu zaɓaɓɓun kalmomi ne daga cikinsu.

Injin ganewa injin Turing ne da ake ba shi kalma ɗaya. Idan kalmar tana cikin harshen, dole wata rana ya tsaya ya ce ya amince. Idan ba ta ciki, yana da zaɓi biyu: ya tsaya ya ƙi ta, ko ya yi ta aiki har abada bai ce komai ba. Wannan zaɓi na biyu shi ne ya bambanta shi da injin yanke hukunci, wanda dole ya tsaya a kan kowace kalma, ko da e ko da a'a.

Injin jerawa ba a ba shi komai. Yana farawa da tef ɗin aiki wanda babu rubutu a kai, an jona masa firinta. Yana ta lissafinsa, lokaci-lokaci ya buga kalma, ya sa alamar rabewa kamar `#`, ya ci gaba. Harshensa shi ne duk kalmomin da za su taɓa fitowa a takardar. An yarda ya buga su a hargitse, an yarda ya maimaita kalma sau dubu, an yarda ya yi shiru na tsawon lokaci, an yarda kada ya taɓa tsayawa. Sharuɗɗa biyu kawai ke kansa: kada ya buga abin da ba na harshen ba, kuma kowace kalmar harshen ta fito bayan matakai masu iyaka. Daga wannan ne ajin harsunan ya samo sunansa na masu jeruwa, wanda za ka ga an taƙaita shi `RE` a littattafai. Alan Turing ya kawo injinsa a 1936, kuma rubutun Emil Post na 1944 a kan tarin lambobi masu jeruwa ne ya kafa nazarinsu a matsayin fanni.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Ɗauki lamba. Idan tana rabuwa biyu ba saura, raba ta. Idan ba ta rabuwa, ninka ta sau uku ka ƙara ɗaya. Maimaita. Idan ka iso 1, ka amince. Wannan shi ne wasan lissafin da ake danganta wa Lothar Collatz, Bajamushe, tun 1937. Mu kira injin da ke yin wannan `M`, kalmominsa kuma su ne lambobi 0, 1, 2, 3, zuwa sama.

Gwada 3: sai ta koma 10, 5, 16, 8, 4, 2, 1. Mataki bakwai. Gwada 4: 2, 1, mataki biyu kacal. Lamba 7 tana cin mataki 16, lamba 9 tana cin 19, ita kuwa 27 sai ta hau har 9232 kafin ta sauko, mataki 111 gaba ɗaya. To gwada 0. Rabin sifiri sifiri ne, rabin wannan ma sifiri ne. `M` zai yi ta raba sifiri har abada, ba zai amince ba, ba zai ƙi ba.

Na zaɓi wannan misali ne don dalilai biyu. Ƙaramar lamba tana iya ɗaukar lokaci fiye da babba, kuma kalma ta farko a layi ita ce mai maƙalewa. Har yau ba a tabbatar da cewa duk lambar da ta fi sifiri tana isa 1 ba, ko da yake duk wadda aka gwada ta isa. Saboda haka ba za ka iya cewa "na san amsar, ba sai na gudanar da injin ba".

Daga injin ganewa zuwa injin jerawa

Mataki na farko: tsara duk kalmomin da za su yiwu a layi ɗaya, ta yadda kowace tana da lambar matsayi. Ga lambobi wannan a shirye yake. Ga haruffa kuwa akwai tarko. Idan ka bi tsarin ƙamus da `a` da `b`, za ka sami `a`, sai `aa`, sai `aaa`, haka har abada, ba za ka taɓa isa `b` ba. Abin yi shi ne ka fara da tsawo, gajeru kafin dogaye, sannan a cikin masu tsawo ɗaya ka bi tsarin ƙamus:

```
ε, a, b, aa, ab, ba, bb, aaa, aab, ...
```

Tunda kalmomi masu tsawon `n` guda `2^n` ne kawai, kowane rukuni yana ƙarewa, kowace kalma kuma layi zai zo kanta.

Mataki na biyu shi ne inda ramin yake. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne: ba `M` kalma ta farko, jira ya gama, in ya amince ka buga, sai ka wuce ta biyu. A misalinmu kalma ta farko 0 ce. Za ka zauna jiran gawon shanu, takarda fara tas, alhali 1 da 2 da 4 suna nan a baya, cikin ƙiftawar ido za su gama. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, amma a nan murhu ɗaya gare ka, kuma in ka ɗora dutse ka ce sai ya nuna, gidan da yunwa za a kwana.

Wani zai ce to a sa wa'adi, duk kalmar da ta wuce mataki ɗari a jefar da ita. Wannan ya warware maƙalewa, ya kuma kawo sabon kuskure: 27 tana buƙatar 111, ka jefar da 'yar harshe ta halak. Ka ɗaga wa'adin zuwa dubu, akwai lambar da matakanta suka fi dubu. Babu wa'adi tsayayye da zai ishi kowa.

Maganin shi ne wa'adi mai girma, a yi aikin karɓa-karɓa. Ana aiki zagaye-zagaye. A zagaye na `k`, ɗauki kalmomi daga 0 zuwa `k`, ka gudanar da `M` a kan kowace mataki `k` kawai, ba ƙari. Wadda aka amince da ita a cikin wa'adin, buga ta. Wadda ba ta gama ba, ƙyale ta, za a sake gwada ta a zagaye na gaba da wa'adi mafi tsawo. Kowane zagaye aiki ne mai iyaka, don haka babu kalmar da za ta riƙe layi.

Ga shi a Python. Aiki na farko yana gudanar da `M` da wa'adi, na biyu shi ne injin jerawa, `yield` kuma tana matsayin firinta:

```python
def ya_kai_daya(n, iyaka):
    for _ in range(iyaka):
        if n == 1:
            return True
        n = n // 2 if n % 2 == 0 else 3 * n + 1
    return n == 1

def jero():
    an_buga = set()
    k = 1
    while True:
        for n in range(k + 1):
            if n not in an_buga and ya_kai_daya(n, k):
                an_buga.add(n)
                yield n
        k += 1
```

Kafin ka kunna shi, bi shi da biro, don a nan ne abin ke zama a kai. Zagaye na 1: an gwada 0 mataki ɗaya, ba ta kai ba. An gwada 1, tana gida tun farko, an buga. Zagaye na 2: 2 ta shigo, mataki ɗaya take buƙata, an buga. Zagaye na 3: 3 ta shigo, an ba ta mataki uku, ta je 10, 5, 16, wa'adi ya ƙare. Ba a buga komai ba a wannan zagaye. Zagaye na 4: 3 ta kai 8 ta tsaya, amma 4 da ta shigo yanzu ta gama cikin mataki biyu, ta tsallake 3 ta fito. Zagaye na 5: 5 tana buƙatar mataki biyar daidai, ta fito. Zagaye na 6 shiru. Sai a zagaye na 7 ne 3 ta sami matakanta bakwai. A zagaye na 8, 6 da 8 suka fito tare. Abin da takarda za ta nuna a zagaye goma sha tara na farko shi ne:

```
1, 2, 4, 5, 3, 6, 8, 10, 12, 13, 11, 7, 16, 14, 15, 17, 9
```

Dubi inda 7 take, bayan 13. Dubi 9, bayan 17. Ita 27 sai zagaye na 111. Sifiri kuwa ana gwada ta a kowane zagaye, tana cin rabonta na matakai, ba ta fitowa, ba ta kuma hana kowa fitowa.

Daga wannan bibiya hujjar ƙa'idar ta fito da kanta. Kalma tana buƙatar abu biyu kafin a buga ta: zagaye ya kai matsayinta a layi, wa'adi kuma ya kai yawan matakan da `M` ke ci a kanta. Idan matsayinta `n` ne, matakanta `t`, za ta fito a zagaye na `max(n, t)`. Ga 3, wanda ya fi girma tsakanin 3 da 7 shi ne 7. Ga 16, tsakanin 16 da 4, 16 ne. Duk kalmar da ke cikin harshen tana da `n` mai iyaka da `t` mai iyaka, don haka zagayenta zai zo. Wadda ba ta ciki kuwa `M` ba ya amincewa da ita a kowane wa'adi, don haka ba za a buga ta ba. Sharuɗɗan nan biyu sun cika.

Wata 'yar magana a kan `an_buga`. Ƙa'ida ba ta wajabta shi ba. Ka cire shi, injin zai sake buga 1 a kowane zagaye, harshen bai canja ba. Na sa shi ne don takarda ta karantu, kuma ya nuna wani abu a kyauta: duk harshen da ake iya jerowa da maimaici, ana iya jero shi babu maimaici, sai dai a riƙa duba abin da aka riga aka buga.

Haka nan akwai ɓarnar aiki, tunda kowane zagaye yana sake farawa daga tushe. Kafin 27 ta fito, iyakar matakan da za a iya kashewa ita ce jimlar `k*(k+1)` daga 1 zuwa 111, wato 468,272, don a sami amsar da mataki 111 zai bayar. Kana iya ragewa ta hanyar adana inda kowace kalma ta tsaya, a zagaye na gaba ka ƙara mata mataki ɗaya kawai. A ganina, a jarrabawa ko a rubuta hujja, bar shi da sake farawa. Ya fi sauƙin kāriya, kuma ƙa'idar ba ta yi alkawarin sauri ba, yiwuwa kawai ta ce.

A ainihin injin Turing, mataki yana nufin motsin kan karatu sau ɗaya a kan tef, ba ninkawa ko rabawa gaba ɗaya ba. Kana buƙatar wuri a tef na ajiye `k`, wuri na kalmar da ake gwadawa, wuri na kwaikwayon `M`, da ma'auni mai raguwa da ɗaya a kowane motsi. Lambobin zagayen za su bambanta da namu, tsarin dai ɗaya ne.

Daga injin jerawa zuwa injin ganewa

Wannan ɓangaren gajere ne. An ba ka injin jerawa da kalma `w`. Kunna injin. Duk lokacin da ya kammala buga kalma, kwatanta ta da `w`. In sun dace, amince.

```python
def gane(w):
    for x in jero():
        if x == w:
            return True
    return False
```

`gane(3)` zai ga 1, 2, 4, 5, ya wuce su, a ta biyar ya amince. `gane(0)` ba zai dawo ba. Kamar mai tsaye ne a filin da ake kiran sunayen waɗanda aka ɗauka aiki, mai kiran kuma ba da tsari yake yi ba, ba ya kuma cewa ya gama. In ka ji sunanka, magana ta ƙare. In ba ka ji ba, ba ka san ko ba ka ciki ba ne, ko ba a zo kanka ba tukuna.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, kwatantawa kafin a ga alamar rabewa. In kana neman `ab`, firinta ta buga `a` ta buga `b`, kada ka yi saurin amincewa, ƙila `abb` take rubutawa. Jira `#`. Na biyu ya fi muni: ƙin kalma don an ga wadda ta fi ta girma ta fito. Da `gane(3)` ya ce "ga 4 ta fito, an wuce 3, ba ta ciki", da ya yi ƙarya. Halin da aka yarda ka ƙi shi ne idan injin jerawa ya tsaya da kansa ba tare da ya buga `w` ba. Layin `return False` don wannan halin aka sa shi, ko da yake namu `jero` ba ya tsayawa.

Abin da tsari yake saya maka

Wannan kuskure na biyu yana nuna ainihin iyakar ƙa'idar. A ce injin jerawa yana buga kalmomi a tsare, daga ƙarama zuwa babba, harshen kuma ba shi da iyaka. To a nan in ka ga wadda ta wuce `w` ba ka ga `w` ba, kana da hujjar ƙi, kuma tabbas za ka ga ɗayan biyun. Ka sami injin yanke hukunci ke nan. In harshen mai iyaka ne, injin jerawa yana iya yin shiru har abada bayan kalma ta ƙarshe ya bar ka kana jira. Sai dai kowane harshe mai iyaka yana da injin yanke hukunci, wanda ke ɗauke da jerin kalmomin a cikinsa, ko da kallon injin jerawa kaɗai ba zai gaya maka ranar da jerin ya cika ba. A ɗaya gefen, in kana da injin yanke hukunci, ba ka buƙatar karɓa-karɓa: bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tunda babu mai maƙalewa, za su fito a tsare. Saboda haka jerawa a tsare daidai take da yanke hukunci, jerawa a hargitse daidai take da ganewa.

Kada misalinmu ya ruɗe ka a nan. Hargitsin da ka gani na wannan injin ne, ba lalle na harshen ba. In hasashen Collatz gaskiya ne, harshen shi ne duk lambobin da suka fi sifiri, kuma injin da ke buga 1, 2, 3, 4 a tsare ya wadatar. Harshen da aka tabbatar ba ya jeruwa a tsare shi ne na matsalar tsayawa: duk tagwayen injin da kalma inda injin ke tsayawa a kan kalmar. Ana jero shi da dabarar da muka yi, sai dai maimakon lambobi ana gwada tagwaye, a zagaye na `k` tagwaye `k` na farko, kowanne mataki `k`. Amma babu injin yanke hukunci a kansa, don haka babu mai jero shi a tsare. Haka lissafe-lissafen da David Hilbert ya yi tambaya a kansu a matsalarsa ta goma a 1900, wato masu neman amsa da cikakkun lambobi. Waɗanda ke da amsa ana iya jero su, ta gwada kowane lissafi da kowane jerin lambobi bi da bi. Aikin Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson, wanda Yuri Matiyasevich ya kammala a 1970, ya nuna babu hanyar yanke hukunci a kansu gaba ɗaya.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage. In kana da injin jera kalmomin harshe, kana kuma da wani injin jera duk kalmomin da ba sa cikinsa, kunna su karɓa-karɓa, mataki ɗaya nan, mataki ɗaya can. Kalmar `w` dole ta fito a ɗaya daga takardun biyu, tunda ko tana ciki ko ba ta ciki. Ta fito a ta farko, amince. Ta fito a ta biyu, ƙi. Lura cewa a nan ma in ka ce sai injin farko ya gama kafin ka kunna na biyu, ka koma ramin sifiri. Daga wannan ne ake gane cewa tagwayen da ba sa tsayawa ba su da injin jerawa ko kaɗan: da suna da shi, da an haɗa shi da na masu tsayawa an warware matsalar tsayawa, alhali an tabbatar ba ta warwaruwa.

In za ka duba naka injin jerawa, ba shi injin ganewa mai maƙalewa a kalma ta farko, da kalma ɗaya ƙarama mai jinkiri kamar 27. In takarda ta zauna fara, ba ka sa wa'adi ba. In komai ya fito amma 27 ta ƙi fitowa bayan zagaye na 111, wa'adinka ba ya girma, ko kuma kana jefar da kalmar da ta kasa a gwajin farko maimakon ka dawo mata. In kuwa da haruffa kake aiki ka ga `a` da `aa` da `aaa` kawai ke fitowa, koma mataki na farko ka gyara layin.